Kana cikin aiki sai wani abu ya auku: yadda ake gina jimlar while da when a Turanci

Shekara da shekaru ina koyar da Turanci a sakandare, kuma duk lokacin da na ba ɗalibai insha'in labari, akwai wata jimla da ba ta taɓa rasa fitowa a cikin takardunsu. Yaro zai so ya ce yana cikin cin abinci sai yayansa ya shigo, sai ya rubuta *I am eating when my brother came in*. Ba na jin haushin wannan kuskure, domin na san inda ya samo asali. Yaron ya yi tunani da Hausa daidai, ya fassara kalma bayan kalma daidai, sai dai akwai abu guda da Turanci ke nema wanda Hausa ba ta nema. Wannan abu guda nake so mu bi a hankali, tun daga jimlar Hausa har a kai ga jimlar Turanci da ba ta da aibi.

Fara daga jimlar da ka riga ka iya

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan gini. Kullum muna cewa: ina cikin wanka sai ruwa ya ƙare, muna kallon ƙwallo sai aka ɗauke wuta, tana daka sai baƙi suka yi sallama. A kowace jimla ayyuka biyu ne. Akwai dogon aiki wanda aka riga aka fara, ana tsakiyarsa. Akwai kuma gajeren aiki wanda ya faɗo a kansa nan take. Wanka dogo ne, ƙarewar ruwa gajere. Kallon ƙwallo dogo ne, ɗauke wuta ƙiftawar ido.

To, lura da abin da Hausa ta yi. "Muna kallon ƙwallo" ba ta faɗi lokaci ba. Idan na tsaya a nan, za ka ɗauka yanzu muke kallo. Sai da "aka ɗauke wuta" ta zo sannan ka gane jiya ne ko shekaranjiya. Wato a Hausa lokaci mai ci, irin su ina, kana, tana, muna, suna, kamarsa ɗaya ce ko yau ko bara, sauran maganar ce ke nuna lokacin. Turanci bai yarda da haka ba. Yana so kowane aikatau ya ɗauki shaidar lokacinsa a jikinsa. Idan yanzu ne, *we are watching*. Idan ya wuce, *we were watching*. Shi ya sa *I am eating when my brother came in* take karo a kunnen mai Turanci: rabin farko yana yau, rabi na biyu yana jiya.

Littattafan makaranta suna kiran siffar dogon aikin *past continuous*, wasu su ce *past progressive*, duk abu ɗaya ne. Siffar gajeren aikin kuma *past simple*. Na ambaci sunayen don ka gane su idan ka gan su a littafi ko a takardar jarrabawa, amma daga nan dogon aiki da gajeren aiki zan riƙa cewa.

Mataki na farko: ware dogon aiki da gajere

Kafin ka rubuta kalmar Turanci ko ɗaya, tambayi kanka: wanne aka fara yi, kuma bai ƙare ba lokacin da ɗayan ya auku? Gwajin da nake ba ɗalibai mai sauƙi ne. Saka kalmar "cikin" a jimlar Hausa. Aikin da ya karɓi "cikin" shi ne dogo. Za ka iya cewa "muna cikin kallon ƙwallo", amma ba za ka ce "ana cikin ɗauke wuta" ba a wannan labari. Za ka iya cewa "tana cikin daka", amma "baƙi suna cikin yin sallama" ya sauya labarin gaba ɗaya.

Kada kalmar dogo ta ruɗe ka. Ba awa ake ƙirgawa ba. Tsallaka titi bai fi daƙiƙa goma ba, amma idan takalminka ya tsinke a tsakiyar titin, tsallakawar ita ce dogon aiki, domin ita ce ta kewaye ɗayan. Zama a Zariya na shekara huɗu ma dogon aiki ne idan a cikinsa ka haɗu da aminin da kake ba da labarinsa. Abin lura kawai shi ne wanne ya ƙunshi wanne.

Mataki na biyu: gina dogon aikin

Gininsa kashi biyu ne, kuma babu wanda ake bari:

```
was / were + aikatau + -ing
```

*Was* na tafiya da *I, he, she, it* da kowane suna tilo. *Were* na tafiya da *we, they* da kowane jam'i, da kuma *you*. A kan *you* ɗin nan ɗalibanmu ke tuntuɓe, domin Hausa ta raba kai da ke da ku, sai yaro ya ga tunda mutum ɗaya yake wa magana ai *you was* ne. A'a. Ko mutum ɗaya ne ko ɗari, *you were*. Akwai wasu kalmomi kaɗan da ya kamata a haddace: *everybody was*, duk da cewa jama'a ake nufi, *people were*, *the police were*, da *one of the boys was*, domin ɗaya daga cikin yaran ake magana a kai, ba yaran duka ba.

Kurakurai biyu ke yawan fitowa a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Wani ya rubuta *I was eat*, ya manta da *-ing*. Wani ya rubuta *I eating*, ya manta da *was*. Idan ka gama rubutu, bi kowace kalma mai *-ing* ka ga ko *was* ko *were* na gabanta.

Rubutun *-ing* kansa yana da ƙa'idoji uku da suka ishe ka. Idan kalma ta ƙare da *e* da ba a furtawa, a cire shi: *write* ta koma *writing*, *ride* ta koma *riding*, *drive* ta koma *driving*. Idan kalma mai gaɓa ɗaya ce, kuma ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, a ninka baƙin: *sit* da *sitting*, *run* da *running*, *stop* da *stopping*. Ba a ninka *w* da *x* da *y*, shi ya sa ake rubuta *playing* da *fixing*. Idan kuma ta ƙare da *ie*, su koma *y*: *lie* ta zama *lying*. Kalmar da na fi gyarawa a rayuwata ita ce *writting*. Da *t* ɗaya ake rubuta ta. Abin da ke jawo ruɗanin shi ne *written*, wadda ita ce mai biyu.

Akwai wani wuri da Hausa ke taimakawa. Ina zaune, ina tsaye, ina kwance, ina riƙe da jaka: duk waɗannan da wannan siffa ake faɗarsu, *I was sitting, I was standing, I was lying, I was holding a bag*. Idan ka ce *I sat down* kuwa, motsin zaman ka faɗa, wato na zauna, kuma wannan gajeren aiki ne.

Sai kuma "ana". Hausa na iya cewa ana ruwa, ana sallah, ana cin kasuwa, ba tare da faɗin mai yi ba. Jimlar Turanci sai da mai aiki a gaba. Ga ruwan sama, *it* ake sawa: *it was raining*. Ga sauran, sai ka zaɓi wanda ya dace da labarinka: *people were praying* ko *we were praying*.

Mataki na uku: gina gajeren aikin

Wannan kalma ɗaya ce. Yawancin aikatau suna ɗaukar *-ed*: *arrived, knocked, started, called*. Matsalar ita ce ayyukan da ke katse mutum a labari galibinsu ba sa bin wannan ƙa'ida. Abu ya faɗi, *fell*. Ya karye, *broke*. Waya ta yi ƙara, *rang*. Wani ya shigo, *came in*. Ka ji ƙara, *heard*. Ka hango, *saw*. An kama ɓarawo, *caught*. Wuta ta ɗauke, *went off*. Wasu kuma ba sa sauya kama ko kaɗan: *hit, cut, burst*. Taya ta fashe, *the tyre burst*, babu *bursted*. Ka kuma kula da *fell* da *felt*. Ta farko daga *fall* take, faɗuwa. Ta biyu daga *feel*, ji a jiki ko a rai. Na sha karanta *I felt down from the motorcycle*, alhali yaron faɗowa ya yi.

Mataki na huɗu: zaɓi while ko when

Nan ne zuciyar maganar, kuma ƙa'idar farko a taƙaice take. *While* tana zama a gaban dogon aiki. *When* tana zama a gaban gajere. Labari ɗaya za a iya faɗa ta hanyoyin biyu:

*We were watching the match when the power went off.*

*While we were watching the match, the power went off.*

Abin da ya faru ɗaya ne, amma ɗanɗanon ya bambanta. Jimlar farko ita ce 'yar'uwar "muna kallon ƙwallo sai aka ɗauke wuta". Ta kwantar da mai sauraro a cikin kallon, sannan ta jefo masa abin da ya auku a ƙarshe. A irin wannan jimla *when* tana aikin da "sai" ke yi mana. Ta biyu ta fi kusa da "yayin da muke kallon ƙwallo aka ɗauke wuta": tun kalmar farko an sanar da kai cewa wannan shimfiɗa ce kawai, babban zance na tafe. Ni a labari na fi son ta farko idan abin da ya auku na ba-zata ne, ta biyu kuma idan rahoto nake rubutawa ko bayani.

Amma ƙa'idar ba ta yi daidai wa daida tsakanin kalmomin biyu ba, kuma ya kamata a faɗi wannan, domin wasu malamai suna soke jimlar da ba ta da laifi. *When* tana da sassauci. Tana iya zama a gaban dogon aiki ma: *When I was walking to the mosque, I met your father* jimla ce lafiyayya. *While* ce ba ta da wannan sassauci. Ma'anarta "a tsawon lokacin da", don haka sai abin da ke da tsawo. Idan ka ce *We were watching the match while the power went off*, ka mai da ɗauke wuta abin da ya yi ta gudana, kuma hakan ba ya shiga hankali. Saboda haka idan kana cikin jarrabawa ka rikice, tuna cewa haɗari ɗaya ne kawai: *while* a gaban gajeren aiki.

Kalma ɗaya ta haɗi ta isa jimla. A Hausa muna iya cewa "lokacin da nake tafiya sai na ga maciji", da "lokacin da" da "sai" duka a jimla guda. Yaro ya kwaso wannan ya rubuta *While I was walking when I saw a snake*, ko *While I was walking then I saw a snake*. Duka biyun ba su yi ba. Ko dai *While I was walking, I saw a snake*, ko *I was walking when I saw a snake*. Idan ka sa *while* a farko, "sai" ɗinka ya koma waƙafi kawai.

Batun waƙafin kuwa gajere ne. Idan ɓangaren da ke ɗauke da *while* ko *when* ya zo a farkon jimla, a sa waƙafi bayansa. Idan ya zo a ƙarshe, ba a sawa. *When the power went off, we were watching the match* tana da waƙafi. *The power went off while we were watching the match* ba ta da shi.

Kada a haɗa *while* da *during*. *During* suna ne ke bin ta, *during the match*. *While* kuma cikakkiyar magana mai mai-aiki da aikatau, *while we were watching the match*. *During we were watching* kuskure ne.

Inda "sai" ke yaudarar mu

Wannan shi ne wurin da na fi daɗewa a kai a aji, domin babu littafin da aka rubuta wa ɗan Ingila ko ɗan Indiya da zai faɗa maka shi. Matsala ce ta mai tunani da Hausa. Dubi waɗannan jimloli biyu:

Yana barci sai ɓarawo ya shigo.

Yana ganin ɗan sanda sai ya gudu.

Gininsu iri ɗaya ne a ido: yana, sannan sai. Amma ma'anarsu ta sha bamban. A ta farko barcin ya yi nisa, shigowar ɓarawo ta same shi a tsakiya. A ta biyu babu wani tsakiya. Gani ya auku, gudu ya biyo baya nan take, ma'anarta "da ganin ɗan sanda ya gudu". Ayyuka biyu ne gajeru, ɗaya na bin ɗaya. Ta farko ce kawai ke ɗaukar *was* da *-ing*: *He was sleeping when the thief came in*. Ta biyu duka ɓangarorinta gajerun ayyuka ne: *When he saw the policeman, he ran away*, ko *As soon as he saw the policeman, he ran away*. Gwajin "cikin" zai cece ka a nan ma. "Yana cikin barci" ta zauna. "Yana cikin ganin ɗan sanda sai ya gudu" ba ta zauna ba. Haka "ina isa gida sai aka fara ruwa": isa ba ta da tsakiya, don haka *As soon as I got home, it started to rain*.

Wannan ya kai mu ga abin da ya sa nake ɗaukar batun da muhimmanci. Sauya siffar aikatau ɗaya yana juya jerin abubuwan da suka faru. Kwatanta:

*When the principal came in, the students were standing.*

*When the principal came in, the students stood up.*

A ta farko shugaban makaranta ya tarar da su a tsaye. A ta biyu shigowarsa ce ta sa suka miƙe. Ga wata da ta fi nauyi. *When the police arrived, he was running away* na nufin 'yan sanda sun same shi yana gudu. *When the police arrived, he ran away* na nufin zuwansu ne ya sa ya gudu. Mutumin da ke rubuta bayanin haɗarin mota, ko ma'aikaciyar jinya da ke rubuta abin da majiyyaci ke yi lokacin da ya faɗi, idan ya musanya waɗannan biyu ya faɗi abin da bai faru ba, ko da nahawunsa bai karye ba.

Irin wannan bambanci yana cikin tambaya ma. *What were you doing when the rain started?* tana tambayar abin da ruwa ya same ka kana yi, kuma amsarta *I was spreading the millet to dry*, ina shanya gero. *What did you do when the rain started?* tana tambayar matakin da ka ɗauka bayan an fara ruwan, amsarta *I carried it inside*. A tambaya *was* ko *were* ke tsallakowa gaban mai aiki. A korewa kuma *not* ke bin su: *The driver wasn't looking when the goat ran into the road*. Idan gajeren aikin ne aka kore, *didn't* ake sawa, aikatau ya koma asalinsa: *didn't see*, ba *didn't saw* ba.

Ka kuma sani cewa katsewar ba lallai ta tsayar da dogon aikin ba. *I was cooking when she phoned* ba ta ce na daina girki ba. Ta ce kawai kiran ya faɗo a tsakiyarsa. Wani lokaci kuwa katsewar ta ƙarshe ce. Masu rubuta tarihi da labarai suna yawan amfani da wannan gini don haka. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Legas sai sojoji masu yunƙurin juyin mulki suka buɗe wa motarsa wuta. Da Turanci: *General Murtala Mohammed was going to his office in Lagos when soldiers attacked his car*. Wannan *was going* ta nuna tafiyar ba ta kammala ba. Da an ce *went to his office*, da mai karatu ya ɗauka ya isa.

Aikatau da ba sa karɓar -ing

Hausa na cewa ina so, ina da kuɗi, ina jin ƙara, ina tsammani, duk da siffar lokaci mai ci. Wannan ke sa ɗalibi ya rubuta *I was having a bicycle*, *I was wanting to go*, *I was knowing him*. Turanci yana ɗaukar sani da so da mallaka da fahimta a matsayin yanayi, ba aikin da ake tsakiyar yi ba. Don haka *know, want, like, believe, understand, belong, own* suna zama a siffa mai sauƙi ko da su ne shimfiɗar labarin: *I had a bicycle when I was in primary school*. *Have* tana karɓar *-ing* ne kawai idan ba mallaka take nufi ba, kamar *we were having lunch*, muna cin abincin rana. Haka *be*: *While I was in Kaduna, my sister got married*. Ba a cewa *was being in Kaduna*, kuma *while* ta zauna daram tunda zaman Kaduna yana da tsawo.

Mu bi labari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Ga irin sakin layin da ɗalibi zai so ya sa a insha'in labari na jarrabawar fita sakandare. Da Hausa tukuna:

Ranar Juma'a ina dawowa daga kasuwar Sabon Gari a cikin a-daidaita-sahu. Ana yayyafi, direban kuma yana waya. Muna cikin tafiya sai wata akuya ta faɗo titi. Direban yana ganinta sai ya taka birki. Muna ƙoƙarin fitowa sai na ji wani yana kiran sunana.

Jimla ta farko shimfiɗa ce tsantsa, babu abin da ya katse ta tukuna. "Ina cikin dawowa" ta zauna, don haka dogon aiki: *On Friday I was coming back from Sabon Gari market in a tricycle*. An cire *e* na *come* kafin a sa *-ing*.

Jimla ta biyu dogayen ayyuka biyu ne masu tafiya tare. "Ana yayyafi" na buƙatar *it*. *It was drizzling, and the driver was talking on the phone*. Da an so a nuna laifin direban, ana iya cewa *He was talking on the phone while he was driving*. Wannan shi ne aiki na biyu na *while*: haɗa dogayen ayyuka biyu da ke gudana lokaci guda, babu wanda ya katse wani.

Jimla ta uku ita ce ainihin gininmu. Tafiya dogo, faɗowar akuya gajere. Tunda abin mamaki ne, na zaɓi *when* don ya zo a ƙarshe: *We were moving along when a goat ran into the road*. *Were* saboda *we*, *ran* saboda *run* ba ta ɗaukar *-ed*.

Jimla ta huɗu ita ce tarkon. "Yana ganinta sai ya taka birki." Gwada "cikin": direban yana cikin ganinta, ba ta zauna ba. Gajerun ayyuka biyu ne a jere: *When the driver saw it, he braked*. Waƙafi bayan ɓangaren farko.

Jimla ta biyar ta koma ainihin ginin. Ƙoƙarin fitowa yana da tsakiya, jin murya ya faɗo a kai. Tunda na yi amfani da *when* sau biyu a jere, sai in sauya: *While we were trying to get out, I heard someone calling my name*. Babu *then* bayan waƙafin. *Heard* ce, ba *was hearing* ba.

Wasu ɗalibai masu ƙoƙari suna son taƙaita irin wannan jimla su ce *While trying to get out, I heard someone calling my name*. Wannan ya halatta, da sharaɗi guda: mai aikin ɓangarorin biyu ya zama mutum ɗaya. A nan ni ke ƙoƙarin fita, ni na ji, babu matsala. Amma *While crossing the road, a car hit him* ta mai da motar ita ce mai tsallaka titi, domin ita ce mai aikin da ya biyo bayan waƙafi. Sai a cika ta: *While he was crossing the road, a car hit him*.

Yadda za ka duba aikinka da kanka

Idan ka gama rubutu, ɗauki fensir ka ja layi ƙarƙashin kowace *while* da *when*. A kan kowace *while*, duba aikatau na farko da ya biyo ta, ka tambaya ko yana da tsakiya. Idan kalma ce irin *rang* ko *fell* ko *arrived*, sauya *while* ɗin zuwa *when*. A kan kowace *when*, mayar da jimlar Hausa a zuciyarka, ka ga ko "na tarar ana yi" kake nufi ko "bayan nan aka yi". Ta farko na son *was* ko *were* da *-ing*, ta biyu na son kalma ɗaya. Sannan ka farauci *am* da *is* da *are* a duk labarin. A labarin da ya wuce ba su da wurin zama sai a cikin maganar da aka ɗauko daga bakin wani, ko a kan abin da har yanzu haka yake.

Atisayen da nake bayarwa a aji ba ya buƙatar littafi. Ɗalibai biyu su zauna, ɗaya ya ambaci abin da kowa ya shaida jiya, kamar kiran sallar Magariba ko dawowar wuta, ya tambaya *What were you doing when the power came back?* Ɗayan ya amsa da gaskiyar abin da yake yi, da cikakkiyar jimla. Daga nan mai tambayar ya sake: *And what did you do when it came back?* Su yi musaya sau biyar. Daga baya kowa ya rubuta amsoshin abokinsa da *he* ko *she*, rabi da *when*, rabi da *while*, ya kawo mini in duba waƙafi.